Sunayen Zamuna a Matsayin Da'awa: Nazarin Laƙabin "Zamanin Tsakiya" da "Farkon Sabon Zamani" da Yadda Ya Dace a Yi Amfani da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi laƙubba guda biyu da suka shigo rubutun tarihi da adabi daga Turai, wato "zamanin tsakiya" da "farkon sabon zamani". Ta nuna cewa kowannensu da'awa ce da wasu masana suka yi a kan abin da ya sauya, da inda ya sauya, da kuma inda sauyin ya dosa. An bi asalin laƙubban a taƙaice, sannan aka gwada su a kan Kano ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, aka kuma auna shekarar 1804 da irin ma'aunin. Daga ƙarshe an kawo hanyar da manazarci zai bi ya yi amfani da sunan zamani ba tare da sunan ya yanke masa hukuncin da bai kafa wa hujja ba.

1.0 Gabatarwa

Akwai bambanci tsakanin jimloli biyu da sukan zo a sakin layi ɗaya cikin kundayen bincike. Ta farko ita ce: Turkawan Usmaniyya sun ci birnin Ƙusɗanɗiniyya a shekarar 1453. Ta biyu ita ce: zamanin tsakiya ya ƙare a shekarar 1453. Jimlar farko labari ce da ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa da shaidar rubuce-rubucen waɗanda suka ga abin. Ta biyu kuwa babu shaidar gani da ido da za ta tabbatar da ita, domin babu wanda ya kwana a wani zamani ya wayi gari a wani. Hukunci ne na mai nazari, wanda ya zo daga baya ya zaɓi wannan aukuwa daga cikin dubbai, ya ce ita ce iyaka.

Matsalar ita ce jimlolin biyu suna da siga ɗaya, kowace da shekara a ƙarshenta, don haka mai karatu yakan karɓe su da nauyi ɗaya. Wannan ya shafi manazartan Hausa kai tsaye, saboda fassara da littattafan karatu sun sa laƙubban Turai sun zama ruwan dare, kuma fagen yana da nasa laƙubban kamar "kafin jihadi" da "adabin zamani", waɗanda aka saba da su har an daina tambayar wanda ya raɗa su. Cewa laƙabi da'awa ce ba ya nufin ƙarya ne ko a jefar da shi. Abin da yake nufi shi ne yana buƙatar hujja, kamar kowace da'awa.

2.0 Asalin Laƙubban Biyu

Mutanen da suka rayu a Turai tsakanin ƙarni na 6 da na 14 ba su ɗauki kansu mazauna tsakiyar komai ba. Malamansu na coci sun raba tarihi ne bisa zamuna shida na duniya, kamar yadda Augustine ya tsara, suna ganin suna cikin na ƙarshe. Tunanin "tsakiya" ya faro ne daga masu kishin adabin Latin a Italiya. Petrarch, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, ya kwatanta ƙarnonin da suka biyo bayan ɗaukakar Rum da duhu. A 1469 Giovanni Andrea Bussi ya yi amfani da wata kalmar Latin mai ma'anar "lokacin da ke tsakani". Tsakanin me da me? Tsakanin tsohuwar Rum da suke ƙauna da farfaɗowar da suke ganin su ne jagororinta. Ke nan tun daga tushe sunan hukunci ne: shekara kusan dubu an mayar da su zaure, wurin wucewa daga ɗaki mai daraja zuwa wani ɗaki mai daraja.

Wanda ya shigar da wannan rabo cikin littattafan makaranta shi ne Christoph Cellarius, malamin Jamus, wanda ya wallafa tarihin zamanin tsakiya a 1688, ya faro daga Sarki Constantine ya tsaya a faɗuwar Ƙusɗanɗiniyya. Bayansa iyakokin sun yi ta motsi. Wasu sun faro daga 476, shekarar da aka tuɓe sarkin Rum ta yamma na ƙarshe. A ƙarshen zamanin kuma, wani ya tsaya a 1453, wani a 1492 saboda isar Columbus Amurka da faɗuwar Garnaɗa, wani a 1517 saboda fara jayayyar Martin Luther da cocin Rum, masu tarihin Ingila kuwa sukan zaɓi 1485. Jacques Le Goff, ɗaya daga manyan masana wannan fage a Faransa, ya yi jayayya da su duka. A littafinsa na ƙarshe, na 2014, ya kafa hujjar cewa idan aka dubi rayuwar manoma da tattalin arziki da matsayin addini, zamanin tsakiya bai ƙare ba sai tsakiyar ƙarni na 18. Saɓanin kusan shekara ɗari uku tsakanin masanan da ke karanta takardu iri ɗaya ya isa ya nuna cewa ba a kan aukuwa suke jayayya ba. A kan abin da ya cancanci a ɗauka da muhimmanci suke jayayya.

Laƙabin "farkon sabon zamani", wanda ake ba wa shekarun 1500 zuwa 1800 a ƙiyasce, ya fi na farko ƙuruciya nesa ba kusa ba, domin bai bazu a jami'o'in masu amfani da Ingilishi ba sai wajen shekarun 1970. Shi ma yana ɗauke da nasa hukuncin. Duk abin da aka kira "farko" an riga an faɗi ƙarshensa. Laƙabin yana cewa waɗannan ƙarnoni share fage ne ga zamanin masana'antu da ƙasashe na yanzu. Wannan ne abin da Jack Goldstone ya soka a wata maƙala ta 1998, inda ya nuna cewa manyan dauloli irin na Sin da Usmaniyya sun bunƙasa ciniki da birane da tsarin mulki ba tare da hakan ya zama hanyar da dole ta kai ga juyin masana'antu ba.

3.0 Da'awa Uku da ke Cikin Kowane Laƙabi

Idan aka warware sunan zamani, za a tarar da da'awa uku a naɗe cikinsa. Ta farko ita ce ta ma'auni: wane abu ne sauyinsa ya isa ya raba zamani da zamani? Mulki ne, ko addini, ko makami, ko hanyar rubutu? Ta biyu ita ce ta wuri: a ina wannan sauyi ya auku, kuma har ina ya kai? Ta uku ita ce ta alƙibla: ina mai laƙabin yake ganin tarihi ya nufa? Laƙabi yakan bayyana ne da kalma biyu ko uku, amma waɗannan da'awowi suna tafe tare da shi ko mai rubutu ya sani ko bai sani ba.

Da'awar wuri ita ce ta fara karyewa idan aka fitar da laƙabin daga Turai. Ƙarnonin da Petrarch ya kira duhu su ne ƙarnonin bunƙasar Bagadaza da Ƙurɗuba. Shi ya sa Marshall Hodgson, a babban aikinsa kan wayewar Musulunci da aka wallafa a 1974, ya guje wa kalmar Turai ya tsara nasa rabon, wanda a ciki shekarar 945, lokacin da Buwaihawa suka karɓi iko a Bagadaza, ta zama iyaka. Thomas Bauer ya ƙara nisa a 2018 da littafin da takensa ma yake cewa ba a taɓa yin zamanin tsakiya na Musulunci ba. Da'awar alƙibla kuwa ta fito fili a tarihin Indiya da James Mill ya wallafa a 1817, inda ya raba shi zuwa zamanin Hindu da na Musulmi da na Birtaniya. Zamuna biyu an sa musu sunan addini, na uku an sa masa sunan ƙasar mai mulki, ta yadda rabon kansa yake nuna mulkin mallaka a matsayin mafita daga zamunan addini.

A tarihin Afirka akwai misalin da ya fi kowanne bayyana. Roland Oliver da Anthony Atmore sun wallafa littafi kan zamanin tsakiya na Afirka a 1981, suka ba shi iyaka daga 1400 zuwa 1800. Da suka sabunta shi a 2001, sai farkon ya koma 1250. Marubutan su ne dai, nahiyar ita ce dai, amma zamanin ya ƙaru da shekara 150. Haka nan daular Mali, wadda Nehemia Levtzion ya sa cikin "tsohon zamani" a taken littafinsa na 1973, ita ce Michael Gomez ya tattauna a 2018 ƙarƙashin taken da ya ambaci zamanin tsakiya. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu ta fuskar aukuwa. Masu amfani da laƙabin a Afirka suna da manufa mai ƙarfi, wato nuna cewa nahiyar tana cikin tarihin duniya na waɗannan ƙarnoni ta hanyar zinariya da fatauci da ilimi. Farashin da suke biya shi ne aron awo daga wani wuri.

4.0 Gwaji a Kan Kano ta Zamanin Rumfa

Sarautar Muhammadu Rumfa ta dace da gwaji domin ta faɗo daidai kan layin da Turawa suka ja. Bisa lissafin da aka saba da shi, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara ya wallafa a 1908, ya jingina masa sababbin abubuwa goma sha biyu, cikinsu har da gina Gidan Rumfa, da faɗaɗa ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi, da Tara ta Kano, da ba bayi babanni muƙamai, da kakaki da figini. A zamaninsa ne kuma Shaihu Muhammad ɗan Abdulkarim Almagili ya zo Kano, a farkon shekarun 1490, ya rubuta risala kan abin da ya wajaba a kan sarakuna.

Kafin a zo ga laƙabi, ya kamata a ware wata matsala daban. Su kansu shekarun 1463 da 1499 ba a cikin matanin suke ba. Matanin yana ba da tsawon mulkin kowane sarki ne, Palmer ya tara su yana komawa baya, har ya kai Bagauda a 999. Saboda haka duk kuskure a tsawon mulkin sarki ɗaya yana shafar duk waɗanda suka gabace shi. Abin da ya ƙarfafa shekarun Rumfa shi ne zuwan Almagili, wanda aka san lokacin rayuwarsa daga wasu kafofi. Akwai kuma saɓani kan zuwan Wangarawa: Tarihin Kano ya sa shi a zamanin Yaji, cikin ƙarni na 14, alhali wani matanin Larabci kan asalin Wangarawa ya haɗa zuwan shugabansu da zamanin Rumfa. Irin wannan saɓani na shekara ne, kuma sabuwar shaida tana iya warware shi. Saɓani kan laƙabi daban yake, domin ko an gano ranar da aka naɗa Rumfa da ranar da ya rasu, tambayar ko shi sarkin "zamanin tsakiya" ne ba ta amsu ba. Haɗa waɗannan matsaloli biyu wuri ɗaya kuskure ne da ake yawan gani.

Yanzu sai a ɗauki ma'aunan da masu laƙabin "farkon sabon zamani" suka fi dogaro da su, a ɗora Kano a kan kowanne. Na farko shi ne tattara iko a fada: sarki ya rage ƙarfin tsofaffin gidajen sarauta, ya kafa majalisa da ma'aikatan da ke dogaro da shi. Da wannan ma'auni, mulkin Rumfa iyaka ne, kuma ana iya kare da'awar cewa sabon zamani ya fara a Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Na biyu shi ne bindiga. A nan lissafin ya canza. Borno ta Mai Idris Alauma ta yi amfani da bindigogi a ƙarshen ƙarni na 16, sojojin Maroko kuma sun karya Songhai da su a Tondibi a 1591, amma Tarihin Kano bai ambaci sarki mai dogarai 'yan bindiga ba sai Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776. Ƙarfin yaƙin Kano ya daɗe yana kan doki da lifidi da sulke, matanin kuma ya danganta shigowar lifidi da sulke da Kanajeji tun farkon ƙarni na 15. Na uku shi ne kuɗi: matanin ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sharefa, tsakanin 1703 da 1731. Na huɗu shi ne ɗab'i, wanda bai kafu ba sai ƙarni na 20, alhali al'adar kwafar littattafai da hannu tana raye da ƙarfinta.

Ma'auni huɗu sun ba da iyaka huɗu: ƙarni na 15, da ƙarshen na 18, da farkon na 18, da na 20. A Turai waɗannan sauye-sauye sun zo kusa da juna, shi ya sa ake ganin kamar dunƙule ɗaya ne da ya cancanci suna ɗaya. A Kano sun warwatsu cikin shekara fiye da ɗari huɗu. Wannan ba ya nuna Kano ta makara. Yana nuna cewa dunƙulen na wani wuri ne, kuma wanda ya kira Kanon Rumfa da ɗaya daga laƙubban biyu ya zaɓi ma'auni ɗaya ya bar uku, ko ya faɗa ko ya yi shiru.

Akwai illa ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa. Laƙabin "zamanin tsakiya" yakan jawo 'yan rakiyarsa. Da zarar an sa shi, sai a fara kallon hakimai kamar masu gandun Turai, talakawa kuma kamar manoman da ke ɗaure da ƙasar ubangidansu, har a daina tambayar yadda haraji da bauta da mallakar gona suke a Kano ita kanta. Alamar cewa hakan ya faru a rubutu ita ce a ga siffar da aka ba wa al'umma ba tare da an kawo mata shaida daga matani ko baka ko tono ba, sai don kawai ta dace da sunan zamanin.

5.0 Laƙubban Gida: Shekarar 1804

Kada a ɗauka cewa laƙabin aro kaɗai ke ɗauke da hukunci. Kalmar jahiliyya suna ce ta zamani, kuma da'awa ce bayyananniya kan abin da ya gabaci saƙo. Haka nan rabon da ya fi kowanne karɓuwa a nazarin Hausa, wato kafin jihadi, da bayan jihadi, da zamanin Turawa, yana da masu shi da manufarsu. Shugabannin jihadi da kansu sun kafa shi, musamman a Kitabul Farƙi, inda aka jera bambancin mulkin da suke kira a kansa da mulkin sarakunan da suka tarar. Manazarcin da ya ce "zamanin Haɓe" ya ari kalmar ɓangare ɗaya na wannan jayayya.

Shekarar 1804 tana da hujja mai ƙarfi. A cikinta aka yi hijira zuwa Gudu, aka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a, aka gwabza a Tabkin Kwatto. Idan ma'aunin shi ne tushen halaccin mulki, ita ce iyaka. Amma da'awar wuri tana buƙatar gyara. Kano ba ta faɗi ba sai wajen 1807, Alƙalawa kuma a 1808. Zuriyar sarakunan Katsina sun ci gaba da sarauta a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri, na Zazzau a Abuja ta da, Damagaram kuwa ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Ga mai rubuta tarihin Damagaram, "bayan jihadi" suna ne da aka kawo daga maƙwabta, kamar yadda 1903 ba ita ce shekarar zuwan Turawa a can ba, tunda Faransawa sun shiga tun 1899.

Idan kuma aka sauya ma'auni, iyakar takan motsa ko ta dushe. Ta fuskar ilimi, Shehu ya fara wa'azi tun wajen 1774, ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, Katsina kuma ta san Ɗanmarina da Ɗanmasani tun ƙarni na 17. Ta fuskar tsarin fada, sarakunan Kano na bayan jihadi sun zauna a Gidan Rumfa, kuma a zamanin Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846, an raya da yawa daga tsofaffin sarautu. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan Katsina, ya nuna yadda ake yin wannan aiki da gaskiya. Ya ɗauki zango daga 1400 zuwa 1883, ya bayyana ma'auninsa tun daga take, wato tasowar tsarin sarauta da kifar da shi da kafuwar masarautar da ta gaje shi, ya kuma ƙi yarda a mayar da labarin rikicin ƙabila biyu. Mai karatu yana iya saɓa masa, amma ya san a kan me zai saɓa.

Haka abin yake a adabi. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar iyaka ce mai kyau ga ƙagaggen labari a rubutun boko. Ba iyaka ba ce ga rubutacciyar waƙa, wadda ta ci gaba da ajami a hannun irin su Aliyu Namangi, ba kuma iyaka ba ce ga waƙar baka. Wanda ya ce "adabin zamani" ya fara a 1933 ya sa nau'i ɗaya ya yi magana da yawun saura.

6.0 Yadda Ya Dace a Rubuta

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idojin aiki. Na farko, a karon farko da laƙabi ya bayyana a rubutu, a haɗa shi da shekaru da wuri da ma'auni cikin jimla ɗaya ko biyu. Na biyu, a jingina shi ga mai shi: a ce "abin da Oliver da Atmore suka kira", ko "bisa rabon da Usman ya yi", domin mai karatu ya gane cewa akwai wanda ya ja layin. Na uku, kada laƙabi ya zama dalili. Jimla irin "saboda zamanin tsakiya ne, addini ya mamaye siyasa" zagaye take yi, tunda daga irin wannan siffa aka raɗa sunan tun farko. Na huɗu, a ambaci aƙalla abu ɗaya da ya tsallake iyakar bai canza ba. Wanda bai iya kawo ko ɗaya ba, alama ce bai gwada iyakarsa ba.

Ga misali. A ce ɗalibi ya rubuta: "Kamar sauran daulolin zamanin tsakiya, Kano ta Rumfa ta dogara da addini da ƙarfin sarki, har sai da jihadi ya kawo sabon zamani." Jimlar tana da lahani uku. Ta ɗauki laƙabin a matsayin abin da aka gama yarda da shi, ta ciro siffar Kano daga laƙabin maimakon daga shaida, ta kuma dunƙule shekara ɗari uku a matsayin zaman jira. Gyararriyar siga tana iya zama haka: "Wannan babi ya ɗauki mulkin Rumfa, wajen 1463 zuwa 1499 bisa lissafin Palmer, a matsayin farkon zango a tarihin siyasar Kano, domin a lokacin ne Tarihin Kano ya nuna an kafa fada da majalisa da muƙaman bayi da suka daɗe bayansa. Rabon na tsarin mulki ne kawai. Harkar kuɗi da makamai sun sauya ne a ƙarni na 18, wasu daga cikin tsare-tsaren Rumfa kuma sun wuce 1807." Siga ta biyu ta fi tsawo, amma kowane sashe nata ana iya bincikarsa, kuma mai son musu ya san inda zai kama.

Akwai hanya mafi sauƙi da ake yawan mantawa. A wurare da dama ambaton ƙarni ko sarauta ya wadatar: "ƙarni na 16", ko "zamanin Rumfawa", ko "zamanin Kutumbawa". Waɗannan ma ba su kuɓuta gaba ɗaya ba, domin ƙarnin Miladiyya da na Hijira ba sa farawa tare, kuma shekarar 1200 ta Hijira, wadda ta zo daidai da 1785 zuwa 1786, tana da ma'ana ga masu jiran mujaddadi wadda 1800 ba ta da ita. Sai dai nauyin da suke ɗauke da shi bai kai na laƙubban Turai ba. Inda laƙabin aro yake da amfani shi ne wurin kwatance, kamar idan ana son a sa Kano da Tumbuktu da Alƙahira da Fas cikin hoto ɗaya na fataucin Sahara, ko idan ana rubuta wa masu karatun da suka san tarihi ta wannan rabo. A nan ma sharaɗin yana nan: a faɗi abin da ake kwatantawa, a faɗi inda kwatancen ya tsaya.

Ga mai fassara akwai ƙarin nauyi. Idan marubucin asali ya yi amfani da laƙabin, amana ta hana a goge shi. Amma a fassara shi da "zamanin duhu" ƙari ne a kan abin da ya faɗa, domin masana tarihin Turai kansu sun daɗe da barin wannan suna. A fassara shi da "zamanin da" kuma ragi ne, domin an zubar da da'awar tsakiyar. "Zamanin tsakiya" tare da shekarun da marubucin ke nufi shi ya fi kusa da adalci.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa laƙabin "zamanin tsakiya" ya fito ne daga hukuncin masu kishin Latin a kan magabatansu, "farkon sabon zamani" kuma daga kallon baya da masanan ƙarni na 20 suka yi. Gwajin da aka yi a kan Kano ya ba da iyaka huɗu daga ma'auni huɗu, shekarar 1804 kuma ta tsaya da ƙafarta a kan ma'aunin halaccin mulki a wasu ƙasashe, ta raunana a Damagaram da Maraɗi da kuma fagen ilimi. Ba a iya rubuta tarihi ko tarihin adabi ba tare da rarraba zamuna ba, domin babi da manhaja da take duk suna buƙatar farko da ƙarshe. Abin da ake nema daga manazarci shi ne ya ɗauki iyakar da ya ja a matsayin sashe na hujjarsa, ya kare ta yadda zai kare kowane sakamako na bincikensa. Aikin da ya rage wa fagen nazarin Hausa shi ne tsara rabo daban-daban ga waƙa da zube da tsarin sarauta da fatauci, a ga inda iyakokinsu suka haɗu da inda suka rabu, kafin a yanke shawarar ko akwai suna ɗaya da zai ɗauke su duka.